Ƙurajen baya da ƙirji a lokacin zufa: tambayoyi da amsoshi kan wanka da kula da fata

Da zarar bazara ta kama, tambayoyi kan ƙurajen baya da kafaɗu da ƙirji sukan yawaita, musamman daga matasa masu buga ƙwallo, da masu yini a kan babur, da matan da ke shafe sa'o'i a gaban murhu. An tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, an faro daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Shin zufa ce take haifar da ƙurajen baya da ƙirji?

Zufa ita kaɗai ba ta haifar da su, domin kusan dukkanta ruwa ce da ɗan gishiri, kuma tana fitowa ne ta ƙofofinta na daban, ba ta ramukan gashi ba. Ƙurjin da ake magana a kansa yana farawa ne a cikin ramin gashi, inda akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan matattun ƙwayoyin fata suka haɗu da maiƙon suka toshe bakin ramin, ƙwayoyin bakteriya da dama can suke zaune a ciki sai su samu wurin hayayyafa, jiki kuma ya mayar da martani da kumburi da ja da mugunya. Fuska da saman baya da tsakiyar ƙirji su ne sassan da waɗannan jakunkunan maiƙo suka fi yawa, shi ya sa kusan rabin masu ƙurajen fuska sukan samu irinsu a gangar jiki.

Rawar da zufa take takawa tana zuwa ne idan ta daɗe a jiki. Fatar da ta yini a jiƙe ƙarƙashin riga takan yi laushi ta ɗan kumbura, bakin ramin gashi ya ƙara tsukewa, sannan rigar ta riƙa gugar wurin tana cusa maiƙo da ƙura da man shafawa a ciki. Saboda haka mutumin da ya yi zufa sharkaf ya kuma sauya riga nan take ya fi samun sauƙi a kan wanda ya yi zufa kaɗan amma ya zauna da jiƙaƙƙiyar singileti daga hantsi har magariba.

Yaya zan bambance su da ƙurajen zafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin abubuwa uku ne mabambanta suke fitowa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Ƙurajen zafi toshewar hanyar zufa ce: sukan feso farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu na tsananin zafi, ƙanana ne birjik kamar an watsa gero, suna tsikari kamar ana soka allura, kuma sukan kwanta cikin 'yan kwanaki idan jiki ya samu iska da sanyi.

Ƙurajen maiƙo, wato irin na fuska waɗanda ake kira ƙurajen balaga, ba su da kama ɗaya. Za a ga babba a ga ƙarami, wani ja ne, wani ya yi farin kai, wani kuma ɗan ɗigo ne baƙi a bakin rami, ga tabban waɗanda suka warke a tsakaninsu. Sun fi yin zafi idan an taɓa su, ƙaiƙayinsu ba shi da yawa, kuma sukan yi watanni suna fita suna komawa. Samun baƙaƙen ɗigon nan da fararen ƙulle-ƙulle marasa kumburi shi ne babbar shaidar cewa su ne.

Na ukun shi ne wanda aka fi ruɗewa a kansa. Akwai wani nau'in naman gwari mai suna malasiziya da ke rayuwa a fatar kowa yana cin maiƙo, kuma shi ne dai yake kawo kyasbi. Idan zafi da danshi suka yi masa daɗi, yakan yawaita a cikin ramukan gashi ya fito da ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya, kamar milimita 1 zuwa 2, a ƙirji da saman baya da kafaɗu, wani lokaci har goshi, masu ƙaiƙayi sosai musamman bayan an yi zufa, kuma babu baƙin ɗigo a cikinsu. Mutum yana iya samun wannan tare da ƙurajen maiƙo a lokaci guda. Maganinsa yana cikin amsar tambayar da ta shafi ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙasa.

Minti nawa ya kamata in yi kafin in yi wanka bayan na yi zufa?

Babu wani adadin minti da aka tabbatar cewa idan an wuce shi ƙurji zai fito, don haka kada mutum ya tayar da hankalinsa da duba agogo. Abin da ake nema shi ne kada jiƙaƙƙen tufafi ya bushe a jiki ya sake jiƙewa. Wanda ya taso daga filin ƙwallo ko gona ya yi wanka da zarar ya isa gida kafin ya zauna hira ko cin abinci, wanda kuma ba zai samu wanka da wuri ba ya cire rigar ciki, ya goge baya da ƙirji da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa, ya bari wurin ya sha iska, sannan ya sa busasshiyar riga. Ajiye singileti ta biyu a jaka ko ƙarƙashin kujerar babur ya fi sayen sabulu mai tsada amfani.

Sau nawa ya kamata a yi wanka a rana?

Wanka da sabulu sau ɗaya ko biyu ya isa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai yake haura digiri 40, mutum yana iya watsa ruwa sau uku ko huɗu don ya ji sanyi, kuma babu laifi a ciki matuƙar ƙarin da ruwa zalla ne. Sabulu a kowane wanka yana kwashe kitsen da ke kare saman fata, fatar ta bushe ta yi kaushi, sannan ta kasa jure magungunan da za a ambata nan gaba. Da hunturu kuwa, ruwa mai ɗumi ya fi mai zafi ƙwarai.

Idan na dirje bayana da soso mai kaushi, ba zai fitar da dattin ba?

Ba zai fitar ba, domin toshewar tana can cikin rami inda soso ba ya kaiwa, kuma baƙin ɗigon da ake gani ba dauɗa ba ce, maiƙo ne da launin fata da suka yi duhu bayan iska ta taɓa su. Abin da dirzawa take yi shi ne fasa ƙurajen da suka kumbura, da ƙara wa fata haushi, da barin baƙin tabo wanda a fatarmu yakan daɗe fiye da ƙurjin kansa. Da yawa daga cikin masu wannan matsala sun fi kowa yawan wanka a gidajensu, kuma ganin da suke yi cewa ƙazanta ce ta jawo musu shi ne yake sa su ƙara ƙaimi da soson raga, abin yana ƙara lalacewa.

Tafin hannu ya isa ga ƙirji da kafaɗu. Ga tsakiyar baya da hannu ba ya kaiwa, a yi amfani da dogon ƙyalle mai laushi a ja shi a hankali, a wanke shi a shanya a rana bayan kowane wanka, kada a bar shi a rataye a banɗaki mai danshi, kuma kada a yi tarayya da kowa a kansa. Haka nan dilka da sauran kayan gurzar jiki na gyaran amare, a jinkirta su a wuraren da ƙuraje suke a kumbure har sai sun kwanta.

Da me ya kamata a fara a wajen wanka, kuma da me za a ƙare?

A fara da kai a ƙare da baya. Man gashi da man laushin gashi da ake sawa bayan shamfu suna gangarowa ta wuya zuwa baya da ƙirji idan ana ɗauraye kai, kuma idan an riga an wanke bayan, wannan maiƙon nan zai kwana. Saboda haka a ranar wankin kai, a gama da gashi tukuna, a ɗaure shi sama ko a naɗe shi da tawul, sannan a wanke gangar jiki. Mata masu kitso ko ƙarin gashi mai sauka har gadon baya su lura ko ƙurajen sun fi taruwa daidai inda gashin mai mai yake kwanciya.

Ga mai wanka da bokiti, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙarar da ruwan a gaba, a bar wa baya kwano ɗaya ko biyu, sai sauran kumfa ya bushe a tsakanin kafaɗu. A ware kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan don ɗaurayar baya kaɗai. Bayan an fito, a daddanna tawul a jiki maimakon gogawa, a kuma tsaya minti kaɗan a gaban fanka ko inda iska take kafin a sa kaya, domin wanda ya sa riga a kan fata mai laima a ɗaki mai zafi ya koma inda ya fito.

Wane sabulu ne ya fi dacewa? Sabulun salo yana magani?

Saman fatar mutum yana da ɗan tsami kaɗan, kusan 5 a ma'aunin tsami, alhali sabulun gargajiya da yawancin sabulun sanda suna kaiwa 9 zuwa 10, wato sun karkata ga ɓangaren kanwa, ba na tsami ba. Sabulun salo yana cikin wannan rukuni, yana wanke maiƙo sosai, kuma wasu masu fata mai yawan maiƙo suna jin daɗinsa, amma ba ya buɗe ramin da ya toshe. Wanda yake amfani da shi ya yi kumfarsa a hannu, kada ya goga curin a jiki, kuma idan fata ta fara yin fari-fari ko raɗaɗi bayan wanka ya koma sabulu mai sauƙi marar ƙamshi mai ƙarfi. Haɗe-haɗen da ake yi masa da lemon tsami da kanwa da sinadaran hasken fata sun fi kusa da ƙona fata fiye da gyara ta.

Ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka shi ma ba ya magance waɗannan ƙuraje, kuma amfani da shi kullum yana iya jawo bushewa da ƙaiƙayi.

Akwai maganin da ake amfani da shi a cikin wanka?

Akwai, kuma ga baya ya fi man shafawa sauƙin aiki saboda faɗin wurin. Na farko shi ne sabulun ruwa mai sinadarin benzoyil farokzaid, wanda ake samu a manyan kantunan magani da ƙarfin da ya kama daga kashi 2.5 zuwa kashi 10 cikin 100. Yana kashe bakteriyar da ke cikin ramin gashi, kuma ba kamar magungunan antibayotik ba, ƙwayoyin ba sa sabawa da shi. Sirrin aikinsa shi ne lokaci: fatar baya tana da kauri, don haka a shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata a bar shi minti 2 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Wanda ya shafa ya wanke nan take ya zubar da kuɗinsa ne a rariya. A fara da mai kashi 4 ko 5, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta na mako guda, sannan a koma kullum idan fata ta karɓa.

Yana da aibu biyu da ya kamata a sani tun farko. Yana koɗar da launin tufafi kamar bilic, saboda haka a ɗauraye shi tas, a yi amfani da farin tawul, a kuma kiyaye shadda da atamfa masu tsada. Yana kuma busar da fata, wanda ɗan saɓa da ɗan ja a makon farko ba abin damuwa ba ne, amma kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani ko borin jini alama ce ta jiki bai karɓe shi ba, sai a daina.

Na biyu shi ne sabulun ruwa mai salisilik asid kashi 2 cikin 100, wanda yake narkar da toshewar bakin rami, ya fi dacewa da mai ƙananan ƙulle-ƙulle da baƙaƙen ɗigo marasa kumburi sosai. Kada a fara su biyun a rana ɗaya, domin idan fata ta yi bore ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Nawa suna da ƙaiƙayi sosai, kuma na sha antibayotik amma sai ƙaruwa suke yi. Me ya sa?

Wannan bayani ya yi kama da ƙurajen malasiziya da aka siffanta a amsar tambaya ta biyu. Antibayotik ba ya taɓa naman gwari, hasali ma idan ya rage bakteriyar fata sai gwarin ya samu fili ya ƙara yaɗuwa. Abin da ake fara gwadawa shi ne shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, a shafa shi a ƙirji da baya kamar sabulu a bar shi minti 5, ko mai seleniyom salfaid a bar shi minti 10, kullum ko bayan kwana ɗaya, na tsawon mako 2 zuwa 4. Ƙaiƙayin ne yake fara lafawa kafin ƙurajen su kwanta. Da yake gwarin ɗan gida ne a fata, yakan dawo idan zafi ya dawo, shi ya sa ake ci gaba da wanka da shamfun sau ɗaya a mako a bazara da damina.

Idan wata guda ya wuce babu sauyi, likita yana iya kankaro ɗan abin da ke cikin ƙurji a duba a madubin awo, ya kuma rubuta maganin gwari na sha. Waɗannan ƙwayoyi suna iya taɓa hanta kuma suna karo da wasu magunguna, don haka ba na saye a kemis da ka ba ne.

Wane mai zan shafa bayan wanka?

A lokacin zafi, baya da ƙirjin mai ƙuraje galibi ba sa buƙatar mai ko kaɗan, sai dai idan magani ya busar da su, nan ma mai ruwa-ruwa mara nauyi ya isa. Man kwakwa da man zaitun da man koko a bar su ga ƙafafu da gwiwar hannu, domin suna iya ƙara toshewa, man zaitun kuma abinci ne ga malasiziya. Man kaɗanya da basilin suna da amfani da hunturu a wuraren da suke tsagewa, amma idan aka lafta su a baya aka ɗora riga a kai cikin zafi, sukan riƙe zufa.

Wanda ya fi waɗannan duka haɗari shi ne man bilicin da kuma ƙananan tub-tub na kemis da ake cewa suna maganin kowace cutar fata. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin danne kumburi, irin su kilobetasol ko betametason. A kwanakin farko ja da ƙaiƙayi sukan ɓace har mutum ya ɗauka ya dace, bayan 'yan makonni kuma sai ƙuraje masu kama ɗaya su feso a ƙirji da baya, fata ta yi siriri, nankarwa ta bayyana. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsu, da allurar gina tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe suke yi, suna jawo irin wannan. Wanda ya daɗe yana shan sitiroyid kada ya yanke shi rana ɗaya, sai ya je asibiti a rage masa a hankali.

Tufafi da shimfiɗa suna da hannu a ciki?

Suna da shi, kuma wurin da ƙurajen suka taru yakan tona asirin mai laifin. Idan sun bi layi biyu a kafaɗu, a dubi igiyar jakar goyo ko hannun rigar mama, idan kuma sun cika tsakiyar baya, a dubi jingina da kujerar leda a mota ko wurin aiki. Rigunan ƙwallo na roba masu arha da doguwar riga ko hijabi na leda a kan matsattsiyar rigar ciki suna kulle zafi, alhali yadin auduga mai yalwa yana barin iska ta ratsa. Auduga tana da nata aibin, domin idan ta jiƙe takan daɗe ba ta bushe ba, saboda haka dole a sauya ta kamar yadda aka faɗa a amsar tambaya ta uku. Rigar ciki ba a maimaita ta ba wanki, zanin gado kuma a sauya shi duk mako, musamman ga mai kwana ba riga ko mai kwanciya a katifa mai rufin leda.

Yaushe zan fara ganin sauyi, kuma yaya tsarin yini guda zai kasance?

Ƙurjin da ya fito yau ya fara haɗuwa a cikin rami tun makonni da suka wuce, don haka magani ba ya nuna aikinsa kafin mako 6 zuwa 8, cikakken sakamako kuma yakan kai mako 12, baya ma ya fi fuska jinkiri. Yawancin waɗanda suke cewa sun gwada komai, sun gwada abu goma ne kowanne na kwana biyar.

A ɗauki misalin matashi ɗan shekara 22 mai sana'ar acaɓa, wanda yake fita tun ƙarfe bakwai da singileti da riga da rigar ƙungiya ta leda a sama, yana buga ƙwallo da yamma, bayansa cike da jajayen ƙuraje da baƙaƙen ɗigo da tabbai, babu ƙaiƙayi sosai. Da safe zai yi wanka da sabulu mai sauƙi ba soso mai kaushi, ba zai shafa mai a baya ba. Da azahar idan ya tsaya salla zai cire singiletin, ya goge jiki da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa ta biyu. Bayan ƙwallo zai wuce gida ya yi wanka kafin ya je majalisa, ya shafa benzoyil farokzaid mai kashi 5 a baya da kafaɗu, ya wanke ƙafafu da hannaye yayin da maganin yake zaune, sannan ya ɗauraye. Tun da mutum ba ya ganin bayansa, zai sa ƙaninsa ya ɗauki hoton wurin da waya a ranar farko, a sake ɗauka a wuri ɗaya da haske ɗaya duk bayan mako huɗu. Abin da zai ƙirga shi ne sababbin ƙuraje masu kumburi, ba baƙaƙen tabbai ba, domin tabban za su ci gaba da zama ko da maganin yana aiki. Idan a mako na takwas sababbin sun ragu a fili sai ya ci gaba, idan kuwa mako 12 ya cika ba su ragu ba, lokacin ganin likita ya yi.

Baƙaƙen tabban da suka rage fa, za su tafi?

Tabon da yake shafe daidai da fata, launi ne kawai ya taru bayan kumburi, kuma yakan dushe da kansa cikin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Abin da ya fi gaggauta shi shi ne hana sababbin ƙuraje fitowa, da daina matsa da ɓantara, da rufe wurin daga rana. Man adafalin mai kashi 0.1 cikin 100 da ake shafawa da dare yana taimakawa ga toshewa da tabo, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi.

Tabo mai tudu daban ne. Tsakiyar ƙirji da kafaɗu da saman baya su ne wuraren da fata ta fi yin tsiron tabo mai tauri da sheƙi wanda yake girma ya wuce girman ƙurjin da ya haife shi, kuma ya fi samun masu baƙar fata. Babu sabulu ko man da yake narkar da shi, yanka shi da aska kuma yakan dawo da shi fiye da da. A asibiti ana yi masa allurar sitiroyid a cikin tabon kansa, wata bayan wata. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan tabo, ko akwai masu shi a danginsa, kada ya jira mako 12, ya nemi likita tun ƙurajen suna sababbi.

Yaushe ne gyaran wanka bai isa ba?

Idan ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi kamar maruru, ko suna barin ramuka da tabbai masu tudu, ko sun mamaye baya gaba ɗaya, ana buƙatar maganin sha. Likita yakan fara da doksisaikilin na kimanin wata uku tare da ci gaba da benzoyil farokzaid, a sha shi da cikakken kofin ruwa kuma kada a kwanta nan take don kada ya ƙona maƙoshi. Ga masu tsanani akwai aisotiretinoyin, wanda likitan fata ne kaɗai ya kamata ya bayar, domin yana nakasa jariri a ciki. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa wa likita halin da suke ciki kafin a rubuta musu komai, doksisaikilin ma ba a ba mai ciki.

Macen da ƙurajenta suke tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa ko ƙirji tana buƙatar a duba sinadaran jikinta, mai yawan maruru kuma a auna masa sukari. Ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, ko masu ƙunshe da ruwa, ko waɗanda suka bi gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara da zafi mai tsanani, ko masu ƙaiƙayin dare da suka kama wasu mutanen gidan, ba ƙurajen zufa ba ne, kuma a kai su asibiti ba tare da jiran sakamakon wani sabulu ba.